Shin thalassemia sikila ce?

"An yi wa ɗana gwajin jini, an ce beta-thalassemia ce. Wannan ba sikila ba ce da wani suna?"

'Yar'uwa, ba ɗaya ba ne, duk da dukansu gadonsu ake yi. Himoglobin ɗin da ke ɗaukar iska a jini yana da sarƙoƙin furotin huɗu, alfa biyu da beta biyu. A sikila ana ƙera sarƙar beta da yawanta, amma da aibi a wuri ɗaya, shi ya sa ƙwayar jini ke lanƙwashewa kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso.

Shi kuwa ɗanki, sarƙar beta ce ba a ƙerawa yadda za ta isa. Sai alfa ta yi rara, ta dunƙule, ta kashe ƙwayar jinin tun tana cikin ɓargo. Idan mai tsanani ce, yaro kan fara ɗashewa bayan wata 6, saifa ta kumbura, ya riƙa buƙatar ƙarin jini.

Don Allah kada ki ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba tare da gwaji ba, domin ƙarfen kan taru ya illata zuciya da hanta. Ki nemi likitan jini ya tantance ko ɗauke da ita kawai yake, a kuma gwada ki da mahaifinsa.