Awannin ƙari daga takardar aiki da aka yi wa sikan

Tambaya: Malam, ina riƙe da lissafin ma'aikatan wani gidan burodi a Tahoua. Takardun shiga da fita da hannu ake cike su, a yi musu sikan a turo mini. Yaya zan zuba su a Excel in fitar da awannin ƙari ba tare da na ci haƙƙin kowa ba?

Amsa: Hajiya, lokacin shiga da na fita kawai za ki ɗauko, ki bar Excel ya yi lissafin. Jimillar da aka rubuta a takarda ki ajiye ta don gwadawa.

Ki sa a yi sikan a 300 dpi, takarda a miƙe. Idan Microsoft 365 gare ki, shiga Données, zaɓi À partir d'une image. Rubutun hannu yana ba shi wahala sosai, in ya hargitsa miki layuka gara ki buga da kanki: suna a A, shiga a B, fita a C, kowace rana layinta.

A nan 7h30 muke rubutawa, Excel kuwa rubutu yake ɗaukarsa, ba lokaci ba. Zaɓi B da C kaɗai, danna Ctrl+H, ki musanya h da ɗigo biyu (:). Duk wanda ya maƙale a hagun gidansa bai zama lokaci ba, galibi harafin O ne a gurbin sifili. Sai ki sa wannan a D2 ki ja shi ƙasa, tsarin gidan ya zama Nombre:

```
=MOD(C2-B2;1)*24
```

MOD ne ke hana aikin da ya tsallake tsakar dare fitowa da ragi. Ki lura, awa 7 da minti 30 zai fito 7,50, ba 7,30 ba.

Dokar aiki ta Nijar ta sa awa 40 a mako, don haka ƙarin mutum ɗaya mai kwana biyar:

```
=MAX(0;SOMME(D2:D6)-40)
```

Ga inda nake so ki sa ido. Mai kwaɓa fulawa ya shiga 22h00 ya fita 07h00, awa 9 ke nan, dare biyar 45, ƙarinsa 5. A rubutun da muka koya a lakwal, 1 mai dogon baki ne, idan ba a ja wa 7 sandarsa ta tsakiya ba sai su yi kama. Na'ura ta karanta 07h00 ɗaya a matsayin 01h00: daren ya koma awa 3, mako ya zama 39, ƙari sifili. Excel ba zai ce uffan ba, domin 01h00 lokaci ne ingantacce, bawan Allah kuwa ya yi asarar guminsa.

Saboda haka ki buga jimillar takarda da hannu a gefe, ki cire ta daga taki. In bambancin awa 6 ne cif, ki fara duba 1 da 7. Sannan ki kwafi shafin don kada D2:D6 ya hargitse, a kwafin ki jera layukan bisa D daga ƙarami zuwa babba, duk ranar da ta gaza awa 4 ko ta haura 12 ki koma kan hoton, ki ƙirga layukan ma ko sun kai yawan kwanakin da ke takardar.