Gas, gawayi, itace ko kananzir: nawa girki ɗaya ke ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos, mu shida ne a gida. Cika tukunyar gas mai kilo 12.5 yanzu naira 15,000 ne, buhun gawayi 9,000, ƙullin itace 500, litar kananzir 2,000. Maigida ya ce mu ajiye gas mu koma gawayi, ni kuma ina ganin kamar gawayin ya fi cin kuɗi. Don Allah wanne ya fi sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba farashin buhu ko na tukunya za ki duba ba, domin ba duk wutar da kika saya ce ke shiga tukunyar girki ba. A murhun gas, kusan rabin zafin ko ma fiye yana kaiwa ga abinci. A risho bai cika kai rabi ba. Kurfotin ƙarfe irin na maƙera kuwa, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke amfani, sauran ya bi iska. Murhun duwatsu uku ya fi kowa ɓarna, da ƙyar yake ba da kashi ɗaya cikin takwas. Idan aka haɗa wannan da ƙarfin zafin da ke cikin kowane makamashi, sai a ga aikin da kilo ɗaya na gas zai yi, sai kusan lita biyu ta kananzir, ko gawayi kilo huɗu, ko busasshen itace kilo goma sha biyu.

To, mu ɗora sanwa. A ce shinkafa da miya za ki dafa wa mutum shida, tukunya biyu, lokacin da wuta ta yi tana ci idan an haɗa ya kai awa ɗaya da rabi. Matsakaicin kan gas yana shan giram 150 zuwa 200 a awa, wato wannan girki zai ci kusan kwatan kilo. Kilonki ya kama naira 1,200, don haka girkin ya tashi a naira 300, kuma tukunyar gas ɗin za ta yi irinsa sau hamsin. Abin da ke tsorata maigida shi ne fitar da 15,000 a rana guda, ba kuɗin girkin ba.

Kananzir ba sai mun daɗe a kansa ba. Wannan girkin zai sha kusan rabin lita, naira 900 ke nan ko sama, ninki uku na gas, ga sayen lagwani ga baƙin tukunya. Tun da aka janye masa tallafi ya daina zama man talaka. Ki ajiye 'yar kwalba don hura gawayi kawai.

Gawayi ne ke da rikici, don ba da sikeli ake sayar da shi ba. Sai ki auna buhun da kanki, ko a wurin mai sayar da gas, tunda yana da sikeli. Mu ɗauka ya yi kilo talatin. Idan kika zazzage shi a kan tabarma za ki tarar da gari da 'yan duwatsu da guntun itacen da bai ƙone ba a ƙasa, wataƙila kilo uku. Saura ashirin da bakwai, kilo ya kama kusan naira 330. Shinkafa da miyar nan na son kilo ɗaya. Kin ga gas 300, gawayi 330, kusan kunnen doki. Amma wannan ga mai sayen buhu ne. Wadda ke aiken yaro ya sayo na leda kullum safe da yamma, idan ledar naira 300 ba ta wuce rabin kilo da ɗan ɗoriya ba, kilonta ya haura naira 500. Wannan ne ke yi min ciwo, domin marar hali ita ke sayen wuta mafi tsada, kuma ba ta gani saboda kaɗan-kaɗan kuɗin ke fita.

Akwai kuma wani abu da lissafin kilo ba ya nunawa. Gas ana kashe shi, gawayi ba a kashe shi da sauƙi. Ruwan shayi da ɗumame na safe minti goma ne a gas, bai kai naira 40 ba. A kurfoti kuwa, ko kofi ɗaya za ki tafasa sai kin zuba abin da ya kusa rabin kilo, kin yi firfita na minti goma sha biyar, ki sauke tukunya ki bar garwashi jajir yana cinye kansa. Naira 150 ta tafi a shayi. Gawayi yana biyan kuɗinsa ne idan girkin mai tsawo ne: wake, ganda, ƙafar sa, ko gwaten acca na gida guda. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, shi ya sa wake ke ƙara jinkirin nuna a nan. Zubi ɗaya na gawayi zai riƙe shi awa biyu, ki sauke ki ɗora miya, ki ƙare da ruwan wankan yara, wanda a sanyin Disamba ba a rasa buƙatarsa. Idan garwashi ya yi saura, ki juye shi a tsohuwar tukunya ki rufe da murfi ruf, zai mutu ya zama gawayin gobe. Kada ki kwara masa ruwa. Kuma don Allah kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kashe mutum a cikin barci.

Itace kuwa, idan ƙullin naira 500 ya kai kilo biyar, girkinmu zai ci kilo uku, naira 300. A cikin gari bai fi gas araha ba, sai ga wanda ake kawo masa daga ƙauye ko mai girkin biki da babbar tukunya. Da damina lissafin ya ɓaci, don jiƙaƙƙen itace sai ya ƙone ruwan jikinsa kafin ya ba da zafi. Za ki gane shi da kumfa da tsuwwa a bakin icen, da hayaƙin da ke sa hawaye. Hayaƙin nan ƙirjinki da na goyon da ke bayanki yake shiga.

Shawarata ita ce kada ku ajiye gas. Ki bar masa karin kumallo, ɗumame, taliya, shinkafa da suya, ki ware buhun gawayi don dogon girki. Sannan ki gwada na gidanki, don hannun kowace mace daban. A jikin tukunyar gas akwai lamba kusa da haruffan TW, nauyinta ne babu gas. Idan an cika, sikeli ya nuna wannan lamba da ƙarin 12.5. Ki rubuta ranar da aka cika, ki riƙa jan layi a kalanda duk girki, ranar da ya ƙare ki raba 15,000 da yawan layukan. Idan amsar ta wuce naira 400 alhali ba dogon girki kike yi ba, ki duba harshen wutar. Shuɗi ya kamata ya zama; idan ja ne yana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan sun toshe, a wanke su. Ki kuma shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar, inda ya yi kumfa nan gas ke zurarewa, a canza shi kafin a sake kunna ashana.