Karen gadi a gidan da ake salla: me za a gina, me za a saya

*Tambaya: Malam, ɓarayi sun haura mana katanga a daminar bara, shi ne na samo karen gadi. Yana kwana a tsakar gida, ga rijiya, ga inda muke alwala. Uwargida ta ce gidan ya cika da najasa, yara kuma ba sa rabuwa da shi. Ina da ɗan kuɗin da na ware domin gyara. In yi masa daɓen siminti ne ko in bar shi a ƙasa? Kuma wane maganin wanki zan saya, haifo ko izal? Daga wani magidanci, Gwargwaje, Zariya.*

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya tsare gaba. Kafin ka kira birkila, ku zauna da uwargida ku rarrabe abin da yake najasa da wanda ba shi ba, domin rabin ɓarnar kuɗi da ake yi a irin wannan gida daga nan take fitowa.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu a Zazzau muka tashi a kanta, kare mai rai jikinsa tsarkakakke ne, da gashinsa da guminsa har da yawunsa. Abin da yake najasa shi ne fitsarinsa da kashinsa da jinin da ya kwarara daga jikinsa. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki ingantacce ne, Imam Malik ma ya ruwaito shi, amma malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni, ba don ƙwaryar ta zama najasa ba. A maganar da ta shahara wurinsu mustahabbi ne a zubar da ruwan a wanke mazubin sau bakwai, ba sai da ƙasa ba. Shafi'awa kuwa sun ce kare najasa ce mai kauri, duk abin da ya taɓa da danshi sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Idan uwargida wannan fahimtar ta karanta a Islamiyya, kada ka ce mata ta yi kuskure, malamai manya suna kanta. Ku zaɓi ɗaya da shawarar malamin da kuke bi, gidan ya tafi a kai. Tsarin da zan ba ka zai yi wa kowanne daidai, domin manufarsa kare ya kasance da nasa ɓangaren, kayan alwala da nasu.

Siminti nake ba ka shawara, kuma a kansa ya kamata kaso mafi girma na kuɗin ya tafi. Dalili na farko na fiƙihu ne. A Malikiyya ƙasar da fitsari ya jiƙa ba ta tsarkaka don kawai rana ta busar da ita, sai an kwarara mata ruwa mai yawa ko ruwan sama ya wanke ta. Kare kuwa wuri ɗaya yake komawa kullum, kafin wata biyu wurin ya zama caɓi mai zarni. Dalili na biyu na lafiya ne, kuma shi ya fi damuna saboda yara. Kashin kare yana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da ido ba ya gani. Wasu sukan yi sati biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa kafin su iya kama mutum, daga nan kuma su yi watanni suna nan da rai. Wata tsutsar ma ta fatar ƙafa take shiga idan yaro yana yawo ba takalmi a jiƙaƙƙen yashi, sai ka ga jan layi mai lanƙwasa yana ƙaiƙayi a tafin ƙafa ko tsakanin yatsu. Haifo ba ya kashe ƙwan tsutsa. Abin da ke maganinsa shi ne kwashe kashin kullum kafin ya kwana, kuma a kan siminti ne kawai za ka iya kwashewa tas.

Ka zaɓi kusurwar da ta fi nisa da rijiya, kuma wadda ta fi gangarowa, yadda ruwan wankin ba zai taɓa bi ta bakin rijiya ko ta wurin alwala ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa: ka tsaya lokacin ruwan sama ka ga inda ruwan tsakar gidan yake nufa. A ce ka samu kusurwa mai mita biyu a mita uku. Birkila ya zuba daɓe, ya karkatar da shi santimita biyu a kowace mita, wato a tsawon mita ukun ƙarshen ya fi farkon sauka da santimita shida, ya ƙare a ƙaramar kwata mai zuwa sokawe. Ya yi masa ɗan gefe mai tudu kamar tsayin hannu domin ruwa kada ya malalo tsakar gida. Kada ya goge daɓen ya yi santsi kamar na ɗaki, ya bi shi da tsintsiya kafin ya bushe. Bangon da ke jikin wurin a yaɓe shi a toshe kowace tsaga, domin kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, shi ya sa ake wanke kare a ga ta dawo bayan 'yan kwanaki. Sai rumfar kwano saboda zafin Maris da Afrilu da ruwan Agusta, da katako a ɗan ɗage daga ƙasa inda zai kwanta lokacin hunturu. Rijiyar kuma a yi mata murfi, guga ya samu ƙusa a bango, kada a ajiye shi a ƙasa.

Da ka gama zubar daɓen ka gwada shi da bokitin ruwa. Idan ruwa ya kwanta a wani wuri bai wuce ba, a gyara tun birkila bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Wurin da ruwa ke kwanciya nan fitsari zai kwanta.

Tsakanin haifo da izal, haifo za ka saya. Izal yana da ƙarfin wari, shi ya sa mutane ke ganin ya fi aiki, amma irin sinadarinsa yana ƙona tafin ƙafar kare, ya lashe ya shiga cikinsa, idan kuma akwai kyanwa a gidan yana iya kashe ta. Haifon da ake sayarwa a kantuna, mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, gwangwanin madara biyu a bokiti mai lita goma ya isa. A haɗa sabo duk ranar da za a yi amfani da shi, domin wanda ya kwana a rana ya rasa ƙarfinsa.

Jerin aikin shi ne inda mutane da yawa ke kuskure. Da safe a fitar da karen a ɗaure shi gefe. A kwashe kashin da shebur ɗinsa na daban, a zuba a masai, kada a jefa bola inda kaji da yara ke zuwa. A kora fitsarin da ruwa zalla tukuna, domin haifo idan ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai shaƙe maƙogwaro da sa hawaye. Sai a goge da omo da buroshi, a ɗauraye. Wannan kullum ne. Haifo kuwa sau biyu a mako ya wadatar: a watsa, a bar shi minti goma. Sannan a rufe da ruwa zalla mai yawa. Wannan ɗaurayar ta ƙarshe ba ta da madadi, domin a Malikiyya ruwan da omo ko haifo ya canza wa launi ko ƙanshi ko ɗanɗano ba ya ɗauke hukuncin najasa, ko da wurin yana ƙyalli. Ruwa tsarkakakke mai tsarkakewa ne kaɗai yake yin wannan. Ga shi kuma ita ce ke kare ƙafar karen daga ragowar haifo. A bar wurin ya bushe kafin a mayar da shi.

Sauran sayayyar ƙanana ce. Kwano biyu na silba, na ruwa da na abinci, domin na roba yana karcewa ya riƙe maiƙo. Bokiti da buroshi da tsintsiya masu launi ɗaya, ka ce ja, kowa a gidan ya san duk abin da yake ja na kare ne, ba ya zuwa madafa ko bakin rijiya. Takalmin roba guda a rataye a ƙofar wurin, wanda zai shiga ya saka, ya fito ya cire. Butoci kuma su hau kanta ko ƙusa. Kare mai ƙishirwa buta yake nema da dare, don haka a cika masa kwanonsa kafin a sake shi.

Ka ware wani abu daga kuɗin don likitan dabbobi, kuma wannan ya riga siminti idan kuɗin bai kai duka ba. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Allurar rigakafin haukan kare ana fara ta yana wata uku, a maimaita duk shekara, ka adana katin. Maganin tsutsa duk wata uku ga babban kare, gwargwadon nauyinsa. Maganin kaska likita ya zaɓa maka, kada wani ya sa ka fesa masa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona, suna kashe kare su kuma cutar da mai fesawar. Ranar layya kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta, musamman mai ƙulli-ƙullin ruwa a jiki. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke kama mutum nan take daga kashinsa, ya yi ƙari mai ruwa a hanta bayan shekaru. A dafa kafin a ba shi.

*Tambaya: Karenmu ya lashi rigar makarantar ɗana da hannunsa. Sai na jefar da rigar? Daga wata uwa, Tudun Wada.*

Hajiya, kada ki jefar. A Malikiyya rigar ba ta zama najasa ba, zai iya salla da ita, wanki na yau da kullum ya isa. Idan gidanku Shafi'iyya kuke bi, wurin da yawun ya taɓa kaɗai za ki wanke sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka gauraya da ƙasa mai tsarki.

Hannun yaron ya fi rigar muhimmanci a wurina. Ki duba da kyau ko akwai ciwo, ƙuje ko yanka a inda ya lasa. Idan fatar lafiya take, sabulu da ruwa sun wadatar. Idan akwai ciwo, ko haƙori ko farce ya taɓa shi ko da jini bai fito ba, ki wanke wurin da sabulu ana zuba ruwa har minti goma sha biyar, ki duba agogo, ya fi tsawo fiye da yadda ake zato. Kada ki ɗaure, kada ki sa toka ko gashin karen. Ki kai shi asibiti a ranar, Shika ko Gambo Sawaba, ki tafi da katin rigakafin karen, likita ya yanke hukuncin allura. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira, amma allurar da aka fara da wuri tana hana shi. Karen kuma kada a kashe shi ko a kore shi, a killace shi kwana goma ana lura da cinsa da halinsa, duk canjin da aka gani a gaya wa likitan dabbobi da likitan yaron.