Gajarta Sanarwa Don Saƙon Tes

Tambaya: "Sanarwar taronmu ta cika shafi guda. Yaya zan gajarta ta shiga tes?"

Ɗan'uwa, tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, har da tazarar tsakanin kalmomi. Fara da cire doguwar gaisuwa da jerin manyan baƙi. Abin da zai rage ya zama kamar wannan:

"Taron iyaye: Asabar 14 ga Maris, karfe 10 na safe, a harabar makarantar firamare. A zo da katin yaro. Daga Kwamiti."

Kada ka rubuta "gobe", don wani sai washegari zai buɗe saƙon. Da gangan na bar "karfe" ba lanƙwasa: harafi ɗaya mai lanƙwasa yana rage iyakar zuwa 70, saƙon ya rabu biyu.