Inji, dambel ko igiya: da wanne sabon shiga zai fara?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Sati guda ke nan da na shiga gidan motsa jiki a nan Sakkwato. Ga injina, ga dambel, ga masu igiya, na rasa wanda zan kama. Ƙirji nake son ya cika."

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da injin tura ƙirji, wanda ake zama a tura gaba, ka yi wata guda a kansa. Dalili kuwa, inji ya riga ya shata wa nauyin hanya, kuma in hannu ya gaza sai ka sake shi, babu abin da zai faɗo maka.

Ni da benci na fara, don na ga shi manya ke yi. Sandar nan doguwa ita kaɗai kilo 20 ce, na ƙara mata biyar-biyar. A ɗagawa ta shida hannun hagu ya ƙi tashi, sandar ta karkace ta zauna mini a ƙirji, sai da wani bawan Allah ya ɗauke ta.

Amma shi ma injin sai ka gyara kujerarsa. Ka ɗaga ta ko ka sauke har mariƙin ya zo daidai tsakiyar ƙirjinka. In kujerar ta yi ƙasa, mariƙin zai koma saitin kafaɗa, kuma za ka gane, domin gaban kafaɗa ne zai riƙa yi maka zogi, ƙirjin bai ji komai ba. Ka zaɓi nauyin da za ka tura sau 12, biyun ƙarshe da ƙyar, ba tare da bayanka ya rabu da majingina ba. Ka huta kamar minti biyu, ka maimaita har zagaye 3, sau biyu a sati. Ranar da zagayen ukun suka zo da sauƙi, ka ƙara farantin nauyi ɗaya.

Bayan watan sai ka shigo da dambel, ka kwanta a benci. Nan ne za ka san hannun da ke ɓoyewa bayan ɗan'uwansa, tunda kowanne da kayansa. Wanda ke tura kilo 30 a inji, ya fara da kilo 8 ko 10 a kowane hannu, kada ya ji kunya. Kuma da zafin garin nan, musamman Maris da Afrilu, ka riƙe tawul. Tafin da ya jiƙe da gumi ba ya riƙe ƙarfe.

Igiya ka bar ta ta zama cikon aiki, nauyi kaɗan, sau 15, kana haɗo hannuwa a gaban ƙirji. Kada lambar jikinta ta ruɗe ka: yadda aka zagaya igiyar a kan ƙananan tayoyin wasu injinan, rabin abin da aka rubuta ne ke isowa hannunka. Shi ya sa nake rubuta lambar kowane inji daban, har da ramin da na sa kujera.