Tallan Sallah da na sabuwar shekara: murya ɗaya za a yi musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke rubuta wa wani kamfanin takalma saƙonnin talla. Wanda na rubuta na sabuwar shekara ya yi kasuwa sosai, sai maigidana ya ce in maimaita shi da Sallah, in canza sunan rana kawai in ɗora aya a sama. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron mu ɓata wa mutane rai, amma na rasa hujjar da zan ba shi. Ina bambancin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Hankalinki ya yi gaskiya, kuma ga hujjar da za ki kai wa maigidan naki.

Ranar 1 ga Janairu ba ta da mai ita. Lissafin kalanda ne ya juya, kowa yana da damar ɗora mata ma'anar da ya ga dama, har da mai sayar da takalma. Shi ya sa tallan sabuwar shekara yake ɗaukar umarni da gaggawa da raha. Za ki iya rubuta: "Sabuwar shekara, sabon taku! Rangwamen kashi 20 cikin ɗari zai ƙare ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba. Yi maza ka zaɓi naka." Babu wanda zai ji haushi. Kin yi magana da mutum ɗaya, kin taɓo burinsa na canza kansa, kin sa masa wa'adi, duk ranar ta yarda da haka.

Ranar idi kuwa da masu ita, kuma ma'anarta ta riga kamfaninku zuwa duniya. Wanda ya kai azumin wata guda ba ya jiran mai talla ya gaya masa abin da Sallah take nufi. Kamfani a ranar nan baƙo ne a gidan mutane, baƙo kuma sallama yake yi ya gaisa, ba ya shiga yana ba masu gida umarni. Don haka "yi maza" da "kada a bar ka a baya" su sauka, fatan alheri ya hau. "Ka" ta koma "ku", domin idi na iyali ne da jama'a. Alamar motsin rai uku a jere ta koma ɗigo ɗaya mai nutsuwa. Sunan kaya ya matsa ƙasa.

Wannan ba ya nufin a daina ciniki. A raba saƙon gida biyu. Na ciniki ya fita tun da sauran kwanaki, lokacin da mutane suke shiri, kuma ya yi maganar hidima tsantsa: "Masu shirin Sallah, takalman yara da na manya sun iso, da rangwamen kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya yi oda kafin 25 ga Ramadan, kayansa za su same shi kafin idi." Kin ga akwai wa'adi a ciki, amma dalilinsa isar da kaya ne, taimako ne ga mai saye. Na biyu ya fita ranar idi, gaisuwa zalla: "Barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana." Sai sunan kamfani a ƙasa, ba farashi, ba maɓallin saye. Ki kuma kula da agogo. Daren 31 ga Disamba ana iya saita saƙonsa tun watanni kafin lokaci, amma ƙaramar Sallah tana bin ganin wata, azumi ya kan zama 29 ko 30, ƙasashe ma su kan sha bamban da kwana guda. Ki riƙe gaisuwar a hannu sai an yi sanarwa. Barka da Sallah ga mutumin da har yanzu yake da azumi a baki tana nuna masa na'ura ce ta gaishe shi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, maganar ɗora aya. Kusan kullum sai na ci karo da wannan tunani, cewa talla tana zama ta addini idan an manna mata aya ko hadisi da hoton jinjirin wata. Masu kiran kansu ƙwararrun talla, waɗanda ke sayar da rubutu ɗaya mai gurbin sunan biki, su suka yaɗa shi, kuma wallahi ɓarna suke yi. Aya a saman "yi maza kafin ya ƙare" ba ta tausasa umarnin, sai ma ta fito da shi fili, mai karatu ya ga an jawo maganar Ubangijinsa ta yi wa takalmi dillanci. Wanda zai wuce tallan ba tare da damuwa ba, yanzu an ba shi dalilin fushi.

Ki tambayi maigidanki inda takardar talla take ƙarewa. Ana miƙa wa mutum, ya duba, ya yar, a taka ta, iska ta kai ta kwata. Wa zai ɗauki alhakin ayar da ke kanta? A waya ma ba a tsira ba: hoton takalmi a ƙasa, kalmar Allah a sama, a cikin fage ɗaya. Sannan mai tsara hoton sau da yawa bai iya Larabci ba, manhajar ta wargaza haruffan ko ta juya su daga hagu zuwa dama, a yanke aya a tsakiya don ta shiga gurbi, babu wanda ya lura sai masu karatu sun fara turo gyara cikin ɓacin rai.

Mafi muni shi ne rubutun da ke ɗaura lada a kan saye, irin "faranta wa iyalinka ka samu lada, sayi namu". Wa ya ba kamfani ikon raba lada? Kuma ki tuna da uban da bana ba shi da halin saya wa 'ya'yansa komai. Tallan sabuwar shekara in ya wuce shi, rangwame kawai ya rasa. Wannan kuwa ce masa yake yi Sallarsa ba ta cika ba, alhali babu malamin da ya ce masa haka. Wannan zalunci ne, ko da ya kawo ciniki.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba, kuma ba kowace ranar addini ce ta murna ba. Juma'ar da ke gaban Lahadin Ista ranar juyayi ce ga Kirista, ranar tuna gicciye, murnar sai Lahadi. Wanda ya tura "shagalin rangwame" ranar Juma'ar ya nuna bai san mutanen da yake gaisarwa ba. Haka 1 ga Muharram: sunanta sabuwar shekara, amma muryar Janairu ba ta dace da ita ba, addu'a ake yi, ga wasu Musulmi ma kwanakin farkon watan na makoki ne.

Kafin ki tura gaisuwar idi, ki cire sunan kamfani ki karanta ta da ƙarfi. In za ki iya aika wa mahaifinki ita a haka ba tare da kunya ba, ta yi. Bayan an tura kuma, kada ki tsaya kan adadin waɗanda suka buɗe. Ki karanta amsoshin mutane, ki ƙirga waɗanda suka cire kansu daga jerin masu karɓar saƙo a ranar, ki gwada da na ranakun da ba biki. In sun yi yawa, muryar ce ta kore su. Ki kai wa maigidan rubutun nan biyu a takarda, na shiri da na gaisuwa, ki ce masa ayar a bar ta a inda ake karanta ta da alwala.