Dalilin da ya sa na'urar POS ke neman lambar sirri ko da an ɗora kati kawai

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Agege. Da safe na ɗora katina a kan na'ura na biya naira 14,000 ba a tambaye ni komai ba, amma da yamma sayayyar naira 10,000 kacal sai da na saka lambar sirri. Me ya kawo haka, kuma me ya sa aka yi wa wannan hanya iyaka?

Amsa: Alhaji, idan ka ɗora kati a kan na'ura, abin da banki yake iya tabbatarwa shi ne katin na gaskiya ne, domin ɗan ƙarfen da ke jikinsa yana samar da sabuwar shaida a kowane ciniki. Amma banki ba shi da hanyar sanin ko hannun da ke riƙe da katin naka ne ko na wanda ya tsince shi a cikin motar haya a Oshodi. Lambar sirri ce take raba wannan gardama, saboda haka idan aka ɗauke ta domin sauƙaƙa layi, dole a taƙaita abin da ɓarawo zai iya kwasa kafin ka farga ka sa a rufe katin.

A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya sanya iyaka iri biyu: naira 15,000 a ciniki guda, da naira 50,000 jimillar yini. Wasu mutane ta farko kawai suka sani, alhali ta biyun ma tana kama su, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kama ka. A ƙaddara ka biya naira 14,000 da safe, ka sha mai na naira 15,000, sannan ka yi cefanen naira 12,000. Jimilla ta kai naira 41,000 ke nan, abin da ya rage maka naira 9,000 ne. Da ka zo biyan naira 10,000, lissafin zai kai naira 51,000, sai allon ya nuna "Enter PIN", ko kuma "Insert card" idan ana so ka zura katin. Wannan ne ma ya sa dabarar raba kuɗi gida biyu da wasu masu kanti ke yi don kauce wa iyakar ciniki guda ba ta tserar da kai daga iyakar yini, domin tana cinye kason yinin ne.

Akwai lokutan da za a nemi lambar ko da ba ka kusa da iyakar ba. Sabon kati galibi sai an zura shi an saka lamba sau ɗaya kafin ɗorawa ta fara aiki. Haka kuma banki yana iya neman tabbaci idan an jera ɗorawa da yawa ba tare da lamba ba, ko ciniki ya zo daga wurin da ba ka saba ba.

Neman lamba ba ya nufin an ƙi cinikin. Idan kuwa allon ya nuna "Declined", duba saƙon banki a wayarka kafin ka sake ɗorawa, kada a cire maka sau biyu.